Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin kiwon lafiya a matakin farko na ƙaramar hukumarmu, kan ƙyanda da jariran da ba su kai wata tara ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamar jinya ce da ta yi ritaya bayan shekaru masu yawa a ƙananan asibitocin unguwa, rabinsu kuma a kan teburin rigakafi na yi su. Wasunku a hannuna suka koyi haɗa allura. Ina rubuto muku ne yau a matsayin kaka, domin ƙyanda ta shigo layinmu, kuma a ɗakina akwai jikata 'yar wata bakwai.

Bari in ba ku labarin yadda ya faru, kwana bi kwana, domin a cikin lissafin kwanakin maganar take.

Yaron maƙwabtanmu ɗan shekara huɗu ya fara zazzaɓi da mura ran Litinin. Uwarsa ta ɗauka sanyin hunturu ne, ta ba shi farasitamol. Ran Laraba da la'asar ta shigo gidanmu da shi aron turmi, suka zauna a ɗaki wajen rabin awa, jikata tana shimfiɗe a tabarma yana mata wasa. Na ji tarinsa, na ga idonsa ya yi ja yana zubar da ruwa, gabana ya faɗi, amma ban ga ƙurji ko ɗaya ba. Ran Alhamis da daddare uwar ta aiko a kira ni. Na haska tocila bayan kunnensa da gefen gashinsa, ga ƙurajen nan sun feso sun fara gangarowa fuska. Na sa ya buɗe baki, na ga ɗigo-ɗigon fari kamar ƙwayar gishiri a cikin kumatu. Wanda ya yi aiki a Arewa lokacin rani ba ya bukatar a gaya masa. Baƙon dauro ne.

Kun san mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙurajen su fito, har kwana huɗu bayan fitowarsu. Ke nan ran Laraba yaron yana tsakiyar yaɗawa. Kun kuma san cewa allurar ƙyanda idan aka yi ta cikin awa 72 da haɗuwa da mai cutar tana iya hana ta kamawa, ko ta sassauta ta. Awa 72 daga la'asar ɗin Laraba ita ce la'asar ɗin Asabar. Asabar ba a aikin rigakafi. Juma'a kaɗai ta rage mana.

Da sassafe muka goya yarinyar zuwa wani asibitin unguwa. Ma'aikaciyar da ke kan tebur, mai ladabi ce ƙwarai, ta duba kati ta ce, "Mama, ai ba ta kai wata tara ba." Na yi mata bayani. Ta ce ko da ta kai, ran Talata ake yin ta ƙyanda, ba za ta fasa kwalba saboda yaro ɗaya ba. Ban ga laifinta ba, abin da aka koya mata ta faɗa, kuma ba wanda ya ba ta takardar da ta ce ta yi wani abu daban. Daga baya na buga wa wata tsohuwar abokiyar aikina waya, aka yi wa jikata allurar a wani wuri kafin a tafi masallaci. Muna dawowa a cikin adaidaita sahu hankalina bai kwanta ba, ina ta tunanin sauran matan layin da ba su da lambar kowa, ba su ma san akwai wata awa 72 da ake ƙirgawa ba.

Roƙona na farko, kuma mafi girma, a kan wannan giɓin ne, tsakanin wata shida da wata tara.

Wata tara da ke jikin kati yana da dalilinsa, ban zo in rushe shi ba. Jariri yana zuwa duniya da garkuwar da ya samo daga jinin uwarsa tun yana ciki, idan uwar tana da ita. Wannan garkuwa tana kare shi, amma kuma tana iya kashe ƙarfin allurar idan aka yi ta da wuri, shi ya sa ake jira. A wata tara allura ɗaya tana kama yara kamar 85 cikin 100, in an bari sai shekara guda ta kama kamar 95. Ƙasashe irin namu da cutar ke yawo suka zaɓi wata tara domin jira zuwa shekara yana cin rayuka. Matsalar ita ce garkuwar uwa ba ta jiran kati. A wajen jarirai da yawa takan ƙare tun suna wata uku zuwa shida, musamman idan uwar ta allura ta samu tata ba ta yin cutar ba, ko kuma an haifi yaron bakwaini. Sai ya zama yaron wata bakwai ba shi da ta uwa, ba shi da tasa. Nono yana taimaka masa ta fuskoki da yawa, kuma kada uwa ta daina bayarwa ko da rana ɗaya, amma nono ba ya hana ƙyanda kamawa. Na sha jin "ai yana shan nono, ba za ta kama shi ba", na kuma sha kwantar da masu shan nonon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta yi magana a kan wannan. Ta ce idan annobar ƙyanda ta ɓarke, a yi wa jarirai ƙarin allura tun daga wata shida. Ba a ƙirga ta cikin biyun da ke kan jadawali. Yaron zai dawo a wata tara a yi masa ta farko, ya sake dawowa a wata goma sha biyar a yi ta biyu, muddin dai an samu aƙalla sati huɗu tsakanin allura da allura. Misali, wanda aka yi wa yana wata takwas da sati biyu sai ya ƙara sati biyu a kan wata taransa. Abin da nake roƙo shi ne ku fitar da wannan a rubuce, da sa hannu da hatimi, a liƙa shi a bangon kowane ɗakin rigakafi na mazaɓun da cutar ta shiga, domin ma'aikaciya ta san tana da izini. A kuma nuna mata inda za ta rubuta shi a kati. Idan ta rubuta a gurbin allurar wata tara, an cuci yaron, domin ranar da uwarsa ta dawo da shi za a ce an riga an yi masa, alhali wadda aka yi masa a wata shida ba ta da ƙarfin da za ta riƙe shi shekaru.

Sai maganar kwalba. Na san tsoron, na rayu da shi. Kwalba ɗaya ta yara goma ce, in an haɗa ta da ruwanta awa shida kawai take yi a zubar, kuma a ƙarshen wata ana tambayar asara. Shi ya sa aka koma tara yara ran Talata. A lokacin da babu annoba ma ƙa'ida ta ce a fasa ko don yaro ɗaya, balle yanzu. Ku gaya wa ma'aikatanku da bakinku cewa har annobar ta lafa, kowace ranar aiki ranar ƙyanda ce, kuma ba za a tuhumi kowa a kan ragowar da aka zubar ba. In da hali a samu wuri ɗaya a kowace mazaɓa da zai buɗe Asabar da Lahadi, saboda awa 72 ba ta san ƙarshen mako ba.

Yanzu ga abin da ya fi hana ni barci. Yaron maƙwabtan nan yana da ƙanwa 'yar wata huɗu, ɗaki ɗaya suke kwana. Ita ba a yi mata allurar, ta yi ƙanƙanta. A littafi akwai abin da ake ba irinta, wani ruwan garkuwa da ake tacewa daga jinin mutane, imyunogulobulin, wanda ke aiki idan an bayar cikin kwana shida da haɗuwa da cutar. Yana da tsada, kuma duk tsawon aikina ban taɓa ganinsa a firjin asibitin unguwa ba. Idan akwai babban asibitin da ke ajiye shi a jihar nan, ku faɗa wa ma'aikata sunansa su riƙa turawa. Idan babu, to jaririn da bai kai wata shida ba garkuwarsa ita ce mutanen da ke kewaye da shi. Kowa a gidan ya zama wanda cutar ba za ta bi ta jikinsa ta iso ɗaki ba: yayye, 'yan aike, almajirin gida, uwa, uba, kishiya, har kaka.

A nan maganar manya ta shigo, kuma a nan na ga ruɗani mai yawa cikin kwanakin nan. Na tambayi uwar yaran, 'yar shekara ashirin da biyu, ko an yi mata allurar ƙyanda. Ta ɗaga hannun riga ta nuna min tabo a damtse. Wannan tabon na allurar tarin fuka ne da ake yi wa jariri bayan haihuwa. Ta ƙyanda ba ta barin tabo ko kaɗan. A wajen tsofaffi irina kuma, babban tabon nan na lambar agana ne. Mijinta ya ce shi kam an sha ɗiga masa a baki yana yaro. Wancan na shan inna ne. Shekarun da aka yi ana bi gida-gida da ɗigon shan inna sun sa mutane da yawa suna cewa "an yi mana rigakafi" da zuciya ɗaya, alhali ba a taɓa yi musu ta ƙyanda ba, wadda allura ce a damtse. Wasu kuma za su ce sun yi cutar suna yara. Idan da gaske ita ce, sun tsira har abada, ƙyanda ba ta kama mutum sau biyu. Amma idan ka bi diddigi sai ka tarar wani ƙarambau ya yi, mai ƙuraje masu ruwa, wani kuma rubela ce, mai kama da ƙyanda amma mai sauƙi. Kati kuwa ya ɓata tun a ƙaura ta uku.

Ko wanda aka yi wa ɗin, yawanci sau ɗaya ne. Allura ta biyu ta wata goma sha biyar ba ta shiga jadawalin Najeriya ba sai wajen 2019 zuwa 2020. Waɗanda ke ƙasa da shekara goma sha biyar lokacin babban gangamin da aka yi a Arewa a ƙarshen 2005 wataƙila sun samu ƙari, idan an iske su a gida. Gangamin ƙyanda da rubela na Oktoban 2025 kuma ya tsaya ne a kan 'yan wata tara zuwa shekara goma sha huɗu. Iyaye matasa na yau, masu goyon jariran nan, ba sa ciki.

Amsar babba mai shakka ba ta da wuya. Akwai gwajin jini da ke nuna ko mutum yana da garkuwa, amma sai a manyan dakunan gwaji, da kuɗi, kuma kafin sakamako ya dawo lokaci ya wuce. Wanda ba shi da kati kuma ba shi da tabbacin ya yi cutar, a yi masa allurar kawai. Idan yana da garkuwa tun da, ƙarin ba ya cutar da shi da komai. Idan ba shi da ita, ya samu, ya dawo bayan sati huɗu a ƙara masa ta biyu. Mai jego da mai shayarwa ana yi musu, ba ta taɓa nono ba ta taɓa jariri. Waɗanda ba a yi wa su ne mai ciki, domin allurar tana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana, da wanda garkuwar jikinsa ta faɗi ƙwarai, kamar mai karɓar maganin kansa ko mai cutar ƙanjamau da ta yi nisa, da wanda jikinsa ya taɓa yin mummunan bore ga allurar. Matar da aka yi wa ta jinkirta ɗaukar ciki wata guda. Mai cikin da ba ta da tabbas ita ma a kewaye ta kamar yadda ake kewaye jariri, domin ƙyanda tana jawo ɓari da haihuwar bakwaini, sannan a yi mata allurar da zarar ta sauka.

Na san abin da za ku ce, kuma gaskiyarku ne: alluran da gwamnati ke kawowa na yara ne, an ƙirga su da yawan yara, babu kason manya. Ban roƙi a yi wa duk garin ba. Na roƙi abu ƙarami. Ragowar nan da ke cikin kwalbar da aka fasa don yaro ɗaya ko biyu, wadda za a zubar bayan awa shida, a nemi izini daga sama a ba uwar da ke tsaye a gaban tebur ɗin da goyon ɗan wata uku, da mutanen gidan da aka samu mai cutar. Ku fara da ma'aikatanku ma. Ma'aikaciyar da ba ta da garkuwa, ta duba mai ƙyanda da safe ta ɗauki jarirai ashirin bayan kwana goma, ita kaɗai ta isa ta cinna wa mazaɓa wuta. Idan izinin bai samu ba, aƙalla ku sanar da inda babba zai je ya biya a yi masa, wurin da kuka tabbatar firjinsa yana aiki. Allurar da ta kwana a zafi ruwa ce kawai.

Akwai abin da na gani ran Juma'ar nan da ba ya bukatar izinin kowa ko sisin kwabo. A benci ɗaya, a rufaffen baranda ɗaya, ga mata da jarirai 'yan sati shida suna jiran allurarsu, ga wata uwa da yaro mai jan ido da tari a cinyarta tana jiran ganin malami. Ƙwayar ƙyanda tana rataye a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa garkuwa da suka shaƙa, tara za su kamu. Ku sa mutum ɗaya a bakin ƙofa yana tambaya: zazzaɓi da tari da jan ido ko ƙuraje? Wanda ya ce e, a kai shi ƙarƙashin bishiya ko rumfa a waje inda iska ke kaɗawa, a duba shi a can. Kada tsoron ƙyanda ya sa iyaye su daina kawo jarirai sauran alluransu, amma kada su zo neman kariya su koma gida da cuta.

Ga masu unguwanni da limamai da kwamitin ci gaban mazaɓa, da na san za a karanta musu wannan takarda, ina roƙon a taya mu da maganar taro. Barka da suna da biki su ne inda jariri ke wucewa daga hannu zuwa hannu talatin a yini ɗaya, cikin ɗaki mai cike da yara. Ba a hana zumunci ba, amma har abin ya lafa a bar yara masu mura a gida, a yi wa mai jego barka daga tsakar gida, kada a shiga da ɗan wata biyar gidan da ake jinyar baƙon dauro da sunan dubiya. Yaron da ya kamu ya zauna a gida, ba makarantar boko ba ta allo, sai ya cika kwana huɗu bayan fitowar ƙuraje. A kuma daina ɓoyewa. Yara biyar da ake zargi a wata guda a wuri ɗaya sun isa a kira abin annoba a fara bincike, kuma jami'in sa ido kan cututtuka ba zai ƙirga wanda ba a kai masa ba. A layinmu kaɗai na san huɗu, ɗaya ne aka kai asibiti. Wanda bai san wa zai gaya wa ba, lambar Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, 6232, kyauta ce.

In duk da haka jariri ya kamu, abin da ke kashewa sananne ne: ciwon haƙarƙari, da gudawa, da rashin abinci. Ku tabbatar akwai bitamin A a kowane asibiti, domin shi ke rage mutuwa da makanta. Ana ba da shi kwana biyu a jere: yunit 50,000 ga wanda bai kai wata shida ba, 100,000 ga ɗan wata shida zuwa goma sha ɗaya, wato ƙwanso mai launin shuɗi, 200,000 ga ɗan shekara zuwa sama, wato jan ƙwanso. A koya wa uwa ta ɗaga rigar yaro ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Ga ɗan wata biyu zuwa goma sha ɗaya, hamsin ko fiye asibiti ne a take. Haka idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko jijjiga, ko barcin da ba ya farkawa, ko baƙin idonsa ya yi hazo. Jaririn da bai shekara ba kuwa, ni ina ganin a kawo shi tun ranar farko, kada a jira ko ɗaya daga cikin waɗannan. Al'adar nan ta hana mai ƙyanda wanka da rage masa ruwa da ɗura masa abubuwa a ido don "ƙurajen su fito", na ga idanun da ta tsiyayar. A goge masa ido da tsaftataccen ruwa, a ba shi nono da ruwan gishiri da sukari, a wanke shi.

Uwar yaran an yi mata allura a ranar da aka yi wa jikata, daga kwalbar da aka fasa, bisa alfarma. Mijinta har yau bai samu ba. Yaron ya fara cin abinci, fatarsa tana saɓa. Cutar takan ɗauki kwana goma zuwa goma sha huɗu kafin ta nuna kanta, wani lokaci har ashirin da ɗaya, don haka jikata tana ɗaki ba ta fita ba a shigo mata, kuma na gaya wa uwarta cewa ita kanta allurar tana iya kawo ɗan zazzaɓi da 'yan ƙuraje bayan mako guda zuwa kwana goma sha biyu, waɗanda ba sa yaɗuwa, amma ko me muka gani za mu kai ta a duba. Yau kwana tara ke nan. Ƙanwar yaron, 'yar wata huɗun, jiya da daddare jikinta ya yi zafi. Da na gama wannan takarda zan raka uwarta asibiti, kuma zan roƙi a duba ta a waje, nesa da bencin jarirai.

Ina jiran ganin takardarku a bangon ɗakin rigakafi kafin Talata mai zuwa. Allah Ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku.

Wassalam,
Malamar jinya mai ritaya, kuma kakar jaririya 'yar wata bakwai.